Kafin ki sa magungunanki a jaka, ki iya karanta kwalinsu

"Yaya, zan tafi karatu Birtaniya. Ina da asma, kuma likita ya ɗora ni a kan maganin ciwon baya. Zan iya tafiya da su, ko za a ƙwace a filin jirgi?"

Ƙanwata, ɗauko kwalayen ki duba. Yawanci magani suna biyu gare shi: wanda kamfani ya raɗa masa, da manyan haruffa, sai na sinadarin da ke ciki, a ƙasa da ƙananan haruffa. Jami'in kwastan na biyun yake nema, don da shi aka rubuta doka. Abin shaƙarki in Ventolin ne, sinadarinsa salbutamol, ba a hana shi. (A Amurka albuterol suke ce masa, in hanya ta kai ki can.)

Na bayan ne abin lura. A ce an rubuta co-codamol 30/500. Lambobin nan magani biyu suke nunawa a ƙwaya ɗaya: codeine miligiram 30, paracetamol miligiram 500. Kodin kuwa yana cikin magungunan da ake sa wa ido, kamar tiramadol. In aka tambaye ki kika ce "maganin ciwon jiki ne", jami'i ya juya kwali ya ga kodin, sai ya ɗauka ɓoyewa kike yi, alhali rashin sani ne. Ki faɗi sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da yadda kike sha.

Sai lissafi, don su ma shi za su yi. In takardar likita ta ce ƙwaya ɗaya safe da dare, guda 60 ke nan a wata, 180 a wata uku. Birtaniya takan bari a shiga da na wata uku, ba fiye ba. Aka ga 400 a jakarki, ai kin tashi daga marar lafiya kin koma mai fatauci. Likita ya ba ki wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunanki kamar yadda yake a fasfo, ranar tafiya, sunan kowane sinadari, ƙarfinsa, adadinsa, da sa hannunsa. Ƙasar da za ki yada zango ma tata dokar daban: Daular Larabawa na son a nemi izini tun kafin a shiga da irin waɗannan.

Kada ki ɓare ƙwayoyin ki zuba a leda don rage kaya, kada kuma ki yanka katin, sunan da ranar lalacewa sukan tafi da ɓangaren da aka yar. Ƙwaya tsirara ba mai iya shaidarta. Duka ki riƙe su a jakar hannu, musamman abin shaƙar, don asma na iya tashi a cikin jirgi. In da na ruwa da ya wuce mililita 100, ki fito da shi tare da wasiƙar a wurin bincike tun ba a tambaya ba.