Sunan suruki a bakin matar ɗa: me ya sa yake nauyi?

Tambaya daga wata mai karatu a unguwar Zango, Damagaram: "Malam, wata takwas ke nan da aurena. Sunan mahaifin mijina ɗaya da na ƙanena, Ibrahim. Rannan ƙanen nawa ya zo gaishe ni, na ƙwala masa kira a tsakar gida, sai na ga fuskar uwar mijina ta canza, daga baya mijina ya ja mini kunne. Ai ba surukina na kira ba. Mene ne laifina? Kuma ga shi an ce in na haifi namiji sunan za a sa masa. Yaya zan riƙa kiran ɗana?"

Ƴata, laifinki ƙarami ne, irin na wanda bai sani ba, amma abin da uwar mijinki ta ji ba ƙarami ba ne. A kunnenta, sunan da ita kanta ta yi shekaru talatin ko fiye ba ta furta ba, shi ne ya fito gatsal daga bakin yarinyar da aka kawo jiya, da ƙarfi, a tsakar gidan mai sunan. Kunne ba ya tambayar wa ake nufi. Sautin ya riga ya fita.

Bari mu fara da aikin da suna yake yi. Hausawa na cewa suna linzami ne. Yawanci ana kawo wannan karin magana don a ce suna yana jan mai shi zuwa ga halinsa, amma ki dubi linzamin kansa: wanda ke riƙe da shi ne yake juya doki. Da sunan yanka ake kira, da shi ake aike, da shi ake tsawatarwa. Uba ya ce "Ibrahim, zo nan", yaro ya taso da gudu. Saboda haka sunan yanka daga sama yake gangarowa ƙasa, ko ya yi tafiya tsakanin sa'o'i. In ya tashi daga ƙasa ya nufi sama, sai a ji kamar yaro ya kama linzamin babba. Abin da ake gudu ke nan, raini. Shi ya sa ma ba a cewa mutum ya "faɗi" sunan ubansa in ana zarginsa, sai a ce ya "kama sunansa".

Wannan ya shafi kowane babba. Amma suruki yana da ƙari a kai, kuma ƙarin shi ne kunya. Mahaifinki kin saba da shi, ya ga ƙuruciyarki, ko kin yi kuskure zai ce yarinta ce. Suruki kuwa aure ne ya haɗa ku, aure kuma abu ne da Bahaushe ba ya son a riƙa tuna shi a fili tsakanin manya da yara. Don haka ake sa tazara: ba a haɗa ido, ba a cin abinci tare, ana durƙusawa a gaisa, namiji ya tuɓe takalmi tun daga zaure. Ɓoye suna reshe ɗaya ne na wannan tazara. Ki lura da inda dokar ta tsaya, za ki gane dalilinta. Jika yana tsokanar kakarsa, ita kuma ta ce masa "angona" ko "maigidana", ba wanda ya damu, domin tsakaninsu wasa ne. Ƙanen mijinki abokin wasanki ne. Amma wan mijinki yana kusa da matsayin uba, shi ya sa za ki ce masa Yaya. Ke nan ba shekaru kaɗai ake aunawa ba, irin dangantakar ake dubawa.

Kalmar da ke riƙe da wannan al'ada ita ce alkunya, kuma tana da labari mai daɗi. Daga Larabci ta zo. A wurin Larabawa alkunya ita ce kiran mutum da "uban wane" ko "uwar wane", kamar Abul Ƙasim ko Ummu Salama, don girmamawa. Da ta shigo Hausa sai ta tarar da kalmar kunya, sautinsu kusan ɗaya, sai kunnen Bahaushe ya ɗaura musu aure. Yau in aka ce mace ta yi wa ɗanta alkunya, ana nufin ta sakaya sunansa, ko ta kau da kai daga nuna son da take masa a gaban mutane. Ma'anar ta yi faɗi fiye da yadda ta zo.

Wasu za su ce miki addini ne ya hana. A nan ina so a yi hankali. Akwai tushe a addini game da iyaye da manya: aya ta 63 a Suratun Nur ta hana a kira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda mutane ke kiran junansu, kuma an ruwaito Abu Huraira ya hori wani da kada ya kira mahaifinsa da sunansa, kada ya yi tafiya a gabansa, kada ya riga shi zama. Amma a ce wadda ta kira ƙanenta da sunan da ya yi daidai da na surukinta ta yi zunubi, wannan babu shi. Al'ada ce, mai kyau, kuma ina ganin an fi riƙe ta da daraja in aka kira ta da sunanta na gaskiya maimakon a jingina ta inda ba nan take ba.

To, yanzu ga gidanki. Surukinki, abin da mijinki yake kiransa shi za ki ɗauka: in Baba yake cewa, ki ce Baba, in Abba ne, Abba. In ya je Makka, Alhaji ta wadatar, in mai karatu ne, Malam. Uwar miji kuma Inna, ko Iya, ko Mama, ko Hajiya, gwargwadon bakin gidan. In kina ba da labarinsu ga wani, ki ƙara "su" a gaba: "su Baba sun fita", "na gaida su Inna", ko da mutum ɗaya kike nufi. Wannan jam'in na girmamawa ne. Kuskuren da na fi ji a bakin amaren yanzu shi ne haɗa laƙabi da suna, a ce "Alhaji Ibrahim" ana zaton an girmama. A bakin baƙo wannan daidai ne. A bakin matar ɗa kuwa sunan yana nan daram, an dai sa masa hula.

Ƙanenki fa? Wannan shi ake kira takwaran suruki, kuma maganinsa tsoho ne. Ki ce "mai sunan Baba" ko "mai sunan Malam". Kada ki ce za ki gudu zuwa Iro ko Ibro, domin gutsuren sunan ne, kuma mai yiwuwa da shi abokan surukinki suke kiransa tun suna samari, ya ma fi na asalin nuna sabo. Akwai dai laƙubban da Hausa ta riga ta ajiye wa wasu sunaye, waɗanda ba su ɗauko sautin sunan ba: Umaru Sanda ne, Yusufu Maitama, Abubakar Garba, Usmanu Shehu, Musa kuma Kalla, wanda ya samo asali daga Kalimullahi. A mata, Hauwa Kulu ce ko Jidda, A'isha Indo, Fatima Binta. Irin waɗannan sun fi sauƙi a baki, amma kafin ki ɗauki ɗaya ki tambayi mijinki ko da shi aka san tsohon a gari. In da shi aka san shi, to shi ma ya zama suna, ya haramta gare ki a al'adance. A gidan iyayenki, inda babu kowa daga dangin miji, ki kira ƙanenki yadda kika saba, ba wanda zai ga baikenki.

Zancen ɗa shi ne ya fi daɗi, kuma nan ne mu mutanen Damagaram muke da wadata biyu. Idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, tun ranar suna, kafin a gama rabon goro, mata sun riga sun raɗa masa na biyu wanda za a riƙa kira. Daga nan ne Abba, da Baba, da Abbati, da Babangida suka fito: yaro ne ake kira "uba" saboda sunan uban gida yake ɗauke da shi. Mace kuma ta zama Ummi, ko Mama, ko Uwani. Wadata ta biyu daga gabas ta zo. Gidan sarautar Damagaram tushensa na Barebari ne, ƙasar ta daɗe tana bin Barno, kuma har yau a Birni za ki ji Babagana da Yagana, da Bakura da Yakura. A Barbarci "gana" ƙarami ne, "kura" babba, "ya" kuma uwa. Babagana ke nan "ƙaramin baba", Yagana "ƙaramar uwa". Dabara ɗaya ce da ta Abba da Ummi, harshe ne kawai ya bambanta. Na san gidaje da dama da yaro yake kai shekara shida ko bakwai bai san sunansa na yanka ba, sai ranar da aka kai shi lekol mushe ya kira sunan daga takarda, yaro yana zaune yana waige-waige yana neman mai shi.

Shawarata, ki bar uwar mijinki ta zaɓi laƙabin. Ita ma ba za ta iya kiran sunan ba, matsalarku ɗaya ce, kuma ba ta wannan girma zai wanke abin da ya faru rannan fiye da dogon ban haƙuri. Ki kuma sani cewa in ɗan fari ne, nauyin ya zama biyu, domin ɗan fari ko da sunan wa yake, uwa ba ta kama sunansa a al'adar Hausa.

Sai dai akwai inda alkunya take tsayawa, kuma a nan ba na sassautawa. In kin kai yaro awo ko rigakafi, ko kin je neman takardar haihuwa, aka tambaye ki sunansa da na ubansa, ki faɗi na yanka, cikakke, yadda aka raɗa. Na taɓa ganin yaron da aka rubuta masa Abba a katin asibiti, takardar haihuwarsa kuma da wani suna, saboda uwar ta ji nauyin furtawa a gaban ma'aikaci. Da lokacin jarrabawa ya zo, sai da uban ya yi ta kai da kawowa kafin a daidaita takardun. Iyayenmu mata da suna da hanyarsu: su tafi da ƙanwar miji ko maƙwabciya ta faɗa a madadinsu. Ke da kika yi karatu, in uwar mijinki na tsaye kusa kuma bakinki ya yi nauyi, ki karɓi alƙalami ki rubuta, ko ki miƙa wa ma'aikacin katin ɗan ƙasa na uban yaron ya kwafa da kansa.