Na zuba dala 200 a foreks, in ɗauki lebarej 1:500?

Tambaya: Salam. Na tara dala 200 na buɗe akawun na foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe, biroka ya ce in zaɓi lebarej, 1:100 ko 1:500. Abokina ya ce in ɗauki babban, wai riba ta fi zuwa da sauri. Ya kuke gani? Daga wani ɗalibi, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka rabin zance ya faɗa maka. Lebarej dama ce da biroka ke ba ka ta yin cinikin da ya ninka kuɗinka, bari mu yi lissafin tare.

A ce EUR/USD, wato farashin Yuro ɗaya a dala, na kan 1.1000, ka danna Buy da 0.10 lot. To Yuro 10,000 ka ɗauka, wato kayan dala 11,000, ninki 55 na abin da ke hannunka. Kamar mai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ne ya shiga kasuwar Farin Gada ya ɗebi kwando 55 bashi, ribar duka tasa ce, amma fa in kasuwa ta faɗi asarar duka 55 ɗin daga kuɗin kwandonsa ɗaya za a cire.

A wannan girman, duk motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo, abin da 'yan harkar ke cewa fif, dala 1 ne. Farashi ya hau 1.1050 ka ci dala 50, kwatan jarinka kenan, nan ne mutum ke fara tambayar kuɗin mota. Ya sauko 1.0950 dala 50 ta tafi, alhali Yuron ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai motsa ba.

Yanzu ga inda ake shan mamaki. A 1:100 biroka zai riƙe dala 110 jingina, kuma da yawansu in Margin Level, ma'aunin kuɗinka a kan jinginar, ya sauko 50% rufe cinikin suke da kansu ba sallama, wato in kuɗinka ya koma dala 55, fif 145 kacal, ranar da Amurka ta fitar da labarin kuɗin ruwa ana iya yin wannan tafiyar cikin 'yan awanni. A 1:500 jinginar dala 22 ce, fif ɗin dai dala 1 ne bai ƙaru da ko sisi ba, sai dai za a bar ka kana zubar da jini har saura dala 11. Ga kuma Free Margin, wato kuɗin da ya rage maka bayan jingina, ya yi yawa yana maka kwalele, sai ka ƙara buɗe biyu ko uku.

Ni dai da ni ne, 1:100 zan ɗauka, in tsaya a 0.01 lot. Wancan fif 145 ɗin dala 14.50 zai ci maka. Ka sa Stop Loss, wato iyakar asarar da ciniki zai rufe kansa in ya kai, tun kafin ka shiga, fif 40, asararka dala 4. Duba dokar birokanka ka ga a kashi nawa yake rufewa, don ba duka suke a 50% ba. Batun kuɗin kwana da ake cira in ciniki ya kwana kuwa, wannan sai ka zauna da malaminka kafin ka fara.