Abin da ake rubutawa a sanarwar neman yaron shago

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon kayan masarufi a Tudun Wada, ina neman yaron shago. Duk sanda na sa sanarwa kira sai ya dame ni, wanda na ɗauka kuma ba ya kai wata biyu. Me zan rubuta masu yi da gaske su zo?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na daɗe da shago a Sabon Gari, yara da yawa sun bi ta hannuna. Abin da na gani shi ne, sanarwar da ta ce "ana neman yaron shago, albashi mai tsoka, a kira wannan lamba" ita ke tara maka jama'a. Kowa zai cika gurbin da ka bari da abin da ransa ke so, ranar da ya ga zahiri kuma ya kama gabansa. Don haka ka faɗi wahalar aikin tun a takarda. Ga yadda zan rubuta in nawa ne, kuɗin misali ne kawai, ka sa naka:

"Ana neman yaron shago a shagon kayan masarufi, Tudun Wada, Zariya. Aiki daga 7:30 na safe zuwa 8:00 na dare, hutu ranar Lahadi. Akwai sauke kaya daga mota, jera katan a sito, awo da shara. Albashi naira 45,000 duk ƙarshen wata, da abincin rana. Sai wanda ya iya lissafi da rubutu, mazaunin Tudun Wada, Gyallesu, Kongo ko Tudun Jukun, wanda zai zauna aƙalla shekara ɗaya kuma yana da mai tsaya masa. Kada a kira. A turo saƙo da suna, unguwa, aikin da aka yi a baya da sunan mai tsayawa, kafin ranar Alhamis."

Na san 'yan kasuwa ba ma son bayyana albashi, muna cewa sai an zo a daidaita. To amma wanda ke da aiki a hannu, yana neman wanda ya fi shi, ba zai bar wurinsa ya zo jin abin da bai sani ba. Mai zaman jiran ko-ta-kwana ne zai zo.

Maganar unguwa ita ce aka fi rainawa, kuma ita ke cinye yara. A ce yaro daga Samaru yake, zuwa da komawa yana kashe naira 1,000 a rana. Kwana 26 ya tashi 26,000, abin da ya rage masa 19,000. Watan farko zai daure, na biyu ya fara makara, na uku ko dai ya tafi ko ka fara ganin ciniki ba ya cika. Ba lallai mugun hali ba ne, lissafin ne bai fita ba tun farko. Sharaɗin shekara ɗaya kuwa saboda garinmu garin ɗalibai ne. Lokacin hutu ko yajin aiki za ka samu yara masu kaifin lissafi daga jami'a da kwaleji, amma ranar da aka koma aji shi ke nan. In na ɗan lokaci kake so, kamar na azumi zuwa salla, suna da kyau ƙwarai, sai ka rubuta hakan.

"Kada a kira" ɗin nan shi ne rariyarka. Wanda ya kira, ko ya turo "slm akwai aikin?" kawai, bai karanta zuwa ƙarshe ba, haka zai yi da saƙon kwastoma. Wanda ya jero abubuwa huɗun nan, ko da rubutun ba kyau, shi za ka gayyata. Ka ba shi lokaci tsayayye, misali 7:30 na safe, ka ga ƙarfe nawa zai iso. In ya zo ka ce masa mutum ya sayi kayan 6,350 ya ba da 10,000, nawa ne canjinsa. Ka kuma tambaye shi me zai yi in kwastoma ya nuna masa ya yi taransifa amma alat bai shigo ba.

Mai tsayawa kada ya tsaya a suna da lambar waya. Ya zo da ƙafarsa ku gaisa, ya kasance wanda ake sani, mahaifi, ko limamin unguwa, ko ɗan kasuwa mai shago. Kada ka karɓi kuɗin fom a hannun kowa, kada ka riƙe takardun makarantar yaro, don masu mutunci na jin haka suke ja da baya. In za ka yi gwajin sati ɗaya, ka rubuta a sanarwar cewa za a biya shi kuɗin kwanakin ko bai zauna ba. Takardar kuma ka liƙa ta a ƙofar shagon da allon masallacin unguwa kafin ka tura ta waya, tunda na kusa kake nema.