Ta rubuta ƙarya a kaina a Facebook, in kai ta kotu?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ta sa hotona a Facebook ta rubuta wai ina karɓar kuɗin mutane ba na tura kaya, kuma atamfar da nake sayarwa jabu ce. Sau ɗaya tak kayanta suka yi latti, kuma sun isa. Ciniki ya tsaya mani cak. Zan iya maka ta kotu? In na kai ta, da me za ta kare kanta?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta saƙonki gabana na faɗuwa, don na sha irin wannan ruwan, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Tsoffin 'yan gidan nan sun san lokacin da abin ya faru da ni, ba sai na maimaita su wa da wa ba.

Ni uwar adashi ce, mu ashirin, dubu 50 kowane wata, kwasa miliyan 1. Wata ɗaya mutum uku ba su zuba a kan lokaci ba, kwasar wata baiwar Allah ta yi lattin kwana 19. Ita mai kwasar ta rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa kwasarta ta wuce lokaci, uwar adashi ta fito ta yi bayanin inda kuɗi suke. Na ji zafi, amma na haɗiye. Sai wata daban, wadda ko kwasarta ba ta zo ba, wadda na taɓa biya wa zubi biyu daga aljihuna lokacin da mijinta ke kwance asibiti, ta ɗauki hoton da na yi a Harami ta sa a Facebook ta rubuta: "Wannan matar ɓarauniya ce, ta cinye kuɗin adashi miliyan 3 ta tafi Umara da su." Umarar da ɗana ya biya mani! Matar da ke shiga har ɗakina ta buɗe tukunya ta zuba da kanta. Ranar ina gidan suna a Ƙofar Marusa, na ga mata suna miƙa wa juna waya suna satar kallona, ina ta gaishe su ina dariya ban san ni ake kallo ba. Ƙanwar maigida ce ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mani. Ban san yadda na iso gida ba, takalmina ma can na baro shi. Sati biyu ban leƙa Babbar Kasuwa ba. Uwar mijina ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne. A tambaye ni fa, bayan shekara 22 a gidan.

To, amsar farko: eh, kina iya kai ta. Amma abin da lauyana ya fara yi mani shi nake so ki yi wa kanki tun yau. Na je mashi da mutum biyu ina so a ɗaure su duka, sai ya ware rubutun biyu a kan tebur ya ce in manta da ta farko. Abin da ta faɗa gaskiya ne, kwasa ta yi latti. Kuma ta faɗe shi a wurin da ya dace, ga mutanen da kuɗinsu ke ciki, su ma suna da haƙƙin su ji. Doka tana ba irin wannan magana kariya, ko da an yi kuskure a ciki, matuƙar ba da mugun nufi aka yi ba. Ta biyun ita ce shari'a, saboda ta ɗora mani laifin sata, ta faɗi adadi, ta sa hotona yadda ba mai cewa ba ni ake nufi ba, ta kuma baza wa duniya. Don haka ki koma ki karanta nata rubutun kalma bayan kalma. "Kayana sun yi latti" daban, "tana karɓar kuɗin mutane ba ta tura kaya" daban. Kan kalmomin ake shari'a, ba kan zafin da kika ji ba.

Kuma don Allah kafin ki rufe wannan saƙon ki adana shaida. Ki ɗauki hoton rubutun yadda sunan shafinta da kwanan wata za su fito, ki ɗauki sharhin mutane a ƙasa, ki kwafi adireshin rubutun, ki sa wasu mutum biyu su ɗauka da wayoyinsu. Tawa ta goge nata kwana huɗu da jin an je wurin lauya. Kada ki sayar da wayar, kada ki ba yaro ya yi mata wankin ƙwaƙwalwa. Abin da aka ciro daga waya ba haka kawai ake miƙa wa alƙali ba, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana son a haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro shi da ita da yadda aka ciro, kuma tana aiki daidai a lokacin. Lauya ne zai tsara, ke ki sa hannu. Sannan tunda Babbar Kotu da Turanci take aiki, sai an kawo kalmomin da Hausarsu yadda aka rubuta, a kawo fassararsu. Mun ɓata zama guda cur ana gardama kan "ta cinye", lauyanta na cewa wai ba lallai sata ake nufi ba. Katsina kaf wa bai san me cin kuɗin adashi ke nufi ba?

Ki nemi wanda ya karanta da idonsa kuma zai yarda ya tsaya gaban alƙali. Nan na san mutane. Waɗanda suka fi kowa kirana suna "Allah ya isar maki" duk suka zame, wannan mijinta ya hana, waccan ba ta shiga kotu. Wata dattijuwa da ta janye daga adashin saboda rubutun ita ta zo ta ce ta karanta, ta gane ni ce, ta cire hannunta. Allah ya saka mata. Maganar da aka rubuta, kotu ba ta buƙatar sai kin nuna asarar kuɗi kafin ta yarda an ɓata maki suna, amma littafin cinikinki na kafin rubutun da na bayansa zai taimaka wurin yawan diyya.

Yanzu ga abin da za ta zo da shi, don tawa duk ta gwada su.

Ta fara da cewa ita ma turo mata aka yi. Wannan ba kariya ba ce, wanda ya yaɗa kamar wanda ya ƙirƙira ne. Masu danna turawa a gidan nan, ku ji da kyau. Sai ta koma wai ra'ayinta ta faɗa. Akwai kariyar sharhi na adalci, amma sai in ra'ayi ne da gaske, an gina shi kan abin da ya faru da gaske, a kan lamarin da ya shafi jama'a. Da ta ce "a ganina ba ta iya riƙon adashi ba, tunda kwasa ta yi latti", da wataƙila ta sha. "Ta cinye miliyan 3" ba ra'ayi ba ne, labari ne, ko ya faru ko bai faru ba. Taki ma haka: "atamfarta ba ta yi mani kyau ba" ra'ayi ne, "jabu ce" kuwa sai ta kawo hujja. Sai kuma wai gargaɗin 'yan'uwa mata take yi. Lauyana ya tambaye ta, cikin dubban da ke bin shafinta mutum nawa ke cikin adashin? Ya kuma kunna saƙon murya da ta tura wa wata tana cewa sai ta ga bayana a garin nan. Mugun nufi in ya bayyana, wannan kariyar ta rushe.

Babbar ita ce gaskiya, kuma ita nake so ki yi wa dogon tunani. In ta tabbatar da ainihin abin da ta faɗa gaskiya ne, ƙarar diyya ta mutu, komai zafin maganar. Nauyin tabbatarwa a wuyanta yake, ba a naki ba. Sai dai wurin neman hujja za a kwance maki zani a kasuwa. An sa na kawo littafin adashi na shekara uku da takardun banki. A ciki akwai watan da na sauya layi na ba ƙanwata kwasa kafin lokacinta ban sanar da kowa ba, da yardar mai layin amma ba a rubuce ba. Lauyanta ya riƙe wannan shafin ya fi awa yana juya ni, ina tsaye cikin akwati, maigida na zaune a baya, ita kuma tana gyara mayafi tana murmushi. Na yi kuka a gaban mutane, abin da ban yi ba ranar sunan. Bai cece ta ba, don sauya layi ba sata ba ce, kuma ba ta iya nuna ko naira ɗaya da ta ɓace ba. Amma ke ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: lattin nan sau ɗaya ne? Akwai wata da ta biya ba ta samu kaya ba, ko da kuskuren direban tasha ne? Kina da rasiɗin inda kike saro atamfar? In akwai rami, ki faɗa wa lauyanki tun a ofis kafin nata ya tono shi.

Za a ce maki ki kai ta wurin 'yan sanda a kama ta da dokar intanet. Sashe na 24 na dokar 2015 da ake kama mutane da shi an gyara shi a 2024, an taƙaita shi ƙwarai, zagi da ɓata suna kawai ba su cika shiga ciki ba yanzu. Ɓata suna dai laifi ne a dokar Final Kod, ana iya shigar da ƙorafi a kotun majistare, amma wannan hanyar hukunci ce, ni kuwa wanke suna nake nema. In da zina ta jefe ki da ita, wannan ƙazafi ne, maganar kotun Shari'a, ko shaidu huɗu ko bulala 80. Naki ba shi ba ne.

Mun nemi miliyan 10. Bayan kusan shekara biyu da ɗage zama ba adadi, aka ba ni dubu 500 da umarnin ta janye ta ba da haƙuri a shafin da ta yi rubutun. Kuɗin lauya da zirga-zirga sun kusa cinye rabi, sauran har yau a guntu-guntu take biya. Haƙurin layi biyu ta rubuta da tsakar dare, mutum 11 suka danna mashi, na ƙirga. Har yanzu in mun haɗu a biki ita ke fara ɗauke kai, kamar ni na yi mata.

Da zan sake, da na bar lauya ya fara da takardar gargaɗi, a ba ta kwana 7 ta goge ta janye a fili, a kira mijinta da mai unguwa su zama shaida a rubuce. Ya ba ni wannan shawarar, zuciya ta hana ni ji. Kuma kada ki mayar mata da martani a shafinki, ko da habaici ne, don ni layi ɗaya da na rubuta cikin fushi sai da aka karanto mani shi a kotu. Turo mani hoton rubutun nata ta akwatin sirri in ga ainihin kalmomin da ta yi amfani da su.