Hotunan rasit ba sa karantuwa: me zan rubuta wa ma'aikata?

Tambaya: Malam, ni ce ke duba rasit kafin a mayar wa ma'aikata kuɗin da suka kashe wajen aiki. Yawancin hotunan da suke turowa ba sa karantuwa, in na mayar musu da hotunan kuma sai a ce ina riƙe wa mutane haƙƙinsu. An ce in rubuta sanarwa. Me zan sa a ciki?

Amsa: Malama, kada sanarwar ta wuce shafi ɗaya. Ki ce a ɗauki hoton ranar da aka karɓi rasit. A shimfiɗa shi a kan tebur mai duhun launi, a riƙe waya daidai samansa ba a karkace ba, kusurwoyi huɗun duka su fito. A kashe filashi, don takardar na da sheƙi, hasken kan cinye rubutu. Hasken taga daga gefe ya fi, inuwar hannu ba za ta sauka a kai ba. Kafin a turo, mai shi ya buɗa hoton ya ga ko sunan mai sayarwa, kwanan wata, lambar rasit da jimilla suna karantuwa. In ta WhatsApp ne, a zaɓi Document, domin turawar yau da kullum tana matse hoto, ƙananan lambobi su dagule.

Amma abin da zan so ki ja wa layi shi ne biro. Kullum sai na ga wanda rasit ɗinsa ya koɗe, ya bi lambobin da biro, wai yana taimaka mana. Wa ya koya wa mutane wannan? Irin rasit ɗin da injin kanti da na POS ke fitarwa ba tawada a jikinsa. Wani sinadari ne aka shafa wa takardar, zafi ke mayar da shi baƙi. Shi ya sa rana, maiƙo da salatif ke goge rubutun, laminatin kuwa baƙanta takardar yake yi gaba ɗaya.

An taɓa kawo mini wani da jimillarsa 1,350 ce. Ukun ta dusashe, mai shi ya bi ta da biro, ta koma kamar 8. Na tara kayan da ke sama, suka ba ni 1,350, ƙasa kuma ga 1,850 da tawada shuɗiya. Na san mutumin, ba ɓarawo ba ne. To amma odita bai san shi ba, takardar da aka taɓa kawai yake gani. Da ya bar ta a koɗe, da tambaya ɗaya zan yi masa. Da ya gyara, sai da ya rubuta takardar kare kai.

Saboda haka ki rubuta ƙarara: rasit ɗin da ya koɗe a ɗauki hotonsa yadda yake, a haɗo da shaidar biya ta banki ko a roƙi mai sayarwa ya sake fitar da kwafi. Na asalin kuma a sa shi a ambulan, nesa da rana, har sai kuɗi sun shiga.