Tiketin kasuwa da wasiƙar Al-Magili ga Sarkin Kano Rumfa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai yankan tiketi ne a kasuwa a nan Tawa, ma'aikatar magajin gari ta ɗauke ni aiki. Na ji wani mai wa'azi yana cewa Shaihu Al-Magili ya rubuta wa sarkin Kano cewa duk harajin da ba zakka ba makasu ne, kuma mai karɓarsa ɗan wuta ne. Tun ranar ba na barci sosai, da wannan albashi nake ciyar da yara. In bar aikin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ajiye aikinka kan rabin magana. Wasiƙar gaskiya ce, kalmar makasu ma, wato kuɗin da ake karɓa daga masu saye da sayarwa ba bisa haƙƙi ba, tana ciki, amma wanda ya karanto maka ya tsaya a tsakiyar babi.

Muhammad ɗan Abdulkarim Al-Magili, mutumin Tilimsan, ya ratso ta Ayar ya isa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Abin da ya rubuta masa shi ne ake kira Tajuddin, babi 8 ne. Na 7 yana magana kan inda sarki zai samo dukiya ta halal, na 8 kan inda zai kashe ta. A na 7 ya lissafa halal: zakkar kuɗi da ta amfanin gona da ta dabbobi, humusin ganima da na dukiyar da aka tono binne, jiziya, da gādon da ba shi da magaji. Sannan ya lissafa haram, ya kira shi zalunci: kuɗin da ake ba sarki don ya naɗa mutum alƙalanci ko wani muƙami, rashawa, kyautar da talaka ke kai wa mai iko, ƙwace dukiyar mai laifi a matsayin horo, yankar wani kaso daga gādon mutane, da makasu.

Masu yaɗa zancen a nan suke rufe littafin. Nan gaba kaɗan Shaihun ya ce idan wata masifa ta sauko wa jama'a wadda sai da kuɗi ake kawar da ita, baitulmali kuma babu komai, babu wata hanya sai dukiyarsu, to taimakawa ta wajaba a kansu gwargwadon halin kowa, ba tare da abin ya ɗore a kansu ba. Ya ba da misali da ganuwar da ta rushe a wurin da ake tsoron abokan gaba. Ya kuma cire abu guda: sarkin da wani ya taso ya ƙwace masa gadon mulki ba shi da ikon tatsar talakawa don ya tsare kujerarsa. Ka ga ashe bai ce duk abin da ya wuce zakka haram ne ba. Ya sa sharuɗɗa ne, kuma nauyinsu yana kan mai mulki. Kafin shi ma Imam Shaɗibi, cikin malaman Malikiyya na Andalus, ya halatta wa shugaba adali ya ɗora wa mawadata wani abu in taska ta bushe kuma buƙata ta tabbata.

Ba zan ɓoye maka ba, sharaɗin nan na rashin ɗorewa yana da nauyi a kan harajin da ake karɓa kowace shekara ba tare da an nuna wa mutane inda ya shiga ba, kuma hukumomi su ne za su amsa wannan. Amma tiketin kasuwa, a fahimtata, ya fi kusa da ladan wuri da hidima: filin da aka ba mutum ya baza kaya, shara, gadi, gyaran rumfuna. In ana yin waɗannan, ya fita daga makasu. In shara ta kai gwiwa wata da watanni ana ta yankan tiketi, uzurin ya raunana, kuma ƴan kasuwa suna da haƙƙin su tambayi magajin gari ta bakin shugabanninsu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don kusan kullum sai an zo da shi. Mutum ya ji an ce haraji haram ne, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa gara ya danƙa wa mai tiketi rabin kuɗi a hannu, a bar takarda, wai ya rage haram. Mai tiketin kuma ya ce ai sauƙaƙa wa talaka ya yi. Wannan shi ne ainihin abin da wasiƙar ta hana, an juya shi an sa masa rigar tsoron Allah. Makasu a wurin malamai shi ne abin da ake karɓa daga masu saye da sayarwa ba bisa haƙƙi ba, babu abin da ya koma musu. Kuɗin da ya shiga aljihunka ba tiketi, wace shara ya share? Wane gadi ya biya? Mai wa'azin da ya tsorata ka da wuta bai ce uffan kan wannan ba, alhali nan ne hatsarin yake.

Mu yi lissafi. A ce an ba ka littafin tiketi mai ganye 100, kowane dala 20, jimla jika 10. Da la'asar ka ƙidaya, ka yanki 70, wato jika 7 ya kamata a samu a jakarka. Sai ka tarar da jika 8 da rabi. Jika 1 da rabin nan daga mutum 30 ta fito, waɗanda suka ba ka dala 10 kowanne ka wuce su. An cuci asusun gari jika 3, kai ka ci rabinta. Su kuma ba su da shaidar biya, wani ma'aikaci na iya zuwa ya sake tare su. Albashinka na wata bai gurɓata da komai ba, wannan jika 1 da rabin ce ba taka ba. Haka kwanon tumatir ko damin rake da mai kaya ya tura maka "a kai wa yara". Al-Magili ya sa kyauta cikin haram, kuma asalinsa hadisin Ibnul Lutbiyya ne, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar.

Sai maganar gwargwadon hali, wadda ku masu yawo tsakanin rumfuna kuka fi kowa ganinta. Tsohuwa ta zo da faifan kuka da daddawa, duka jarinta dala 100. In ka yankar mata dala 20, ka ɗauke kashi 1 cikin 5 na abin da ta mallaka a yini guda. Kusa da ita mai buhunan albasa na jika 200 ya biya dala 20 ɗin nan, wato kashi 1 cikin 2000. Zakkar kayan ciniki da Allah Ya farlanta kashi 1 cikin 40 ce, sau ɗaya a shekara, kuma sai dukiya ta kai nisabi. Tiketin bai ɗaya ga waɗannan biyun ba ya cika sharaɗin Shaihun. Gyaransa kuwa ba a aljihunka yake ba. Ka duba takardar farashin da majalisar gari ta amince da shi, ko an bambanta mai faifai da mai rumfa. In ba a bambanta ba, ku rubuta wa shugabanku ku kai masa misali irin wannan da lissafinsa. Jumlar da Al-Magili ya yi ta maimaita wa Rumfa ita ce tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa, kuma magajin garin da bai san abin da mai faifai ke biya ba ya ɓuya ke nan.

Kai dai ka riƙe aikinka. Kowane kuɗi ya fita da tiketinsa, ka ƙidaya ganye da kuɗi kafin ka bar kasuwa, ka miƙa a ba ka shaidar karɓa. Abin da ka taɓa ci a baya, ka ƙiyasta shi, ka mayar asusun gari ko da kaɗan-kaɗan ne, ka nemi gafarar Allah. Allah ne mafi sani.