Me ya sa wani dutsen mai aman wuta ke fashewa, wani kuma sai dai ya kwarara?

Tambaya: Malam, ƙanina yana kasuwanci a Buea, gindin Dutsen Kamaru. An turo min bidiyon wani dutse ya fashe, toka har sama, wai nasu ma haka zai yi. Shi kuma ya ce nasu kwarara kawai yake, ba ya kisa. Hankalina bai kwanta ba, wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyu ne ke raba su, kaurin narkakken dutsen da kuma iskar gas ɗin da ta narke a cikinsa, yawancinta tururin ruwa ne da iskar kabon. A can ƙasa nauyi ya danne gas ɗin kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Yana taho sama dannin na raguwa, sai kumfa ta fara tashi. To ka duba tukunya, ruwan zafi in ya tafasa kumfar fita take abinta, amma talge in ya yi kauri sai ya riƙe ta har ta yi tsartuwa ta ƙona mai tuƙi. Kaurin daga silika yake zuwa, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi. Mai silika wajen kashi 50 cikin 100, da zafi kusan digiri 1,200, ruwa-ruwa ne, gas ya fice ya bar shi yana malala. Mai kashi 65 zuwa 70 danƙo ne da shi, bai kai wancan zafi ba, shi ne ke toshe maƙogwaron dutsen har ya tarwatse, irin Pinatubo na Filifin a 1991.

Dutsen Kamaru na farkon ne. A 1999 aman nasa a hankali ya gangara har ya datse titi kusa da ƙauyen Bakingili, mutane suka samu suka kwashe. Don haka mai bidiyon nan tsoro kawai yake sayar maka.

Amma maganar ƙaninka ta fi damuna, don kullum sai na ji ta, wai mai kwarara ba ya kisa. Wa ya faɗa? Nyiragongo na Kwango silikarsa ƙasa take sosai, aman nasa tsinkakke ne, a 1977 gefensa ya tsage ya zubo da gudun mota, ƙauyawa ba su tsira da gudu ba. A 2002 ya ratsa tsakiyar birnin Goma ya ci gidaje, a 2021 ya sake cin gidaje a gefen birnin. Kuma gas ɗin da na ce yana ficewa, ina kake zaton yake zuwa? Iskar kabon ba launi ba wari, ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a kwari da ramuka, yaro ko akuya su shiga su faɗi. A Kamarun nan dai, ita ce ta fito daga Tafkin Nyos a 1986 ta kashe mutum sama da 1,700 ba tare da ko ɗigon wuta ba.

Ka ce masa in ƙasa ta fara girgiza a kai a kai, ko hukuma ta ce a tashi, ya rufe shago ya tashi, kar ya tsaya ɗaukar hoto, kuma ya hau tudu, ban da bin kwari.